Yadda ake cire tabon dayis daga goshi, kunne, ƙeya da farce

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini a kan rinin gashi ba ta wuce wannan ba: na rufe furfura, gashi ya yi kyau, amma ga baƙin layi a goshina, kunnuwana sun yi baƙi ƙirin, kuma gobe ina da biki, me zan yi? Mata da maza duk suna yin ta. Zan yi magana da "ki" don sauƙi, amma duk abin da na faɗa ya shafi namijin da ke rina sumarsa ko gemunsa.

Kafin mu shiga matakan, ki riƙe abu ɗaya. Tabon dayis a saman fata yake zama, a kan matacciyar fatar da jiki ke zubarwa da kansa, shi ya sa ko ba a taɓa shi ba yakan dushe cikin kwana uku zuwa mako guda, wani lokaci ya ɗan wuce haka. Amma idan kika dirje wurin har ya saɓule, ko kika ƙone shi da wani sinadari, fata irin tamu takan warke ne da baƙin tabo wanda zai iya yin watanni bai tafi ba. Mutane da yawa da na gani da duhu a gefen goshi, ba dayis ne ya bar musu shi ba, ƙoƙarin cire dayis ɗin ne. Saboda haka, bayan matakan kariya, aka jera hanyoyin cire tabon daga mafi taushi zuwa mafi ƙarfi, kuma kar ki tsallake zuwa ta gaba sai ta baya ta gaza.

1. Haɗa kaya kafin ki buɗe kwalin

Ki tanadi basilin ko man kaɗe, safar hannu ta roba guda biyu ko uku, auduga, tsinken goge kunne, tsohon tawul mai duhu, ƙaramin kwano da ruwan ɗumi a ciki, sabulu ko shamfu, da man zaitun ko man kwakwa. Idan babu su, man gyaɗa ma ya wadatar. Madubi biyu sun fi ɗaya, domin ƙeya da bayan kunne su ne wuraren da ido ba ya kaiwa.

Kusan duk waɗannan suna cikin gida. Abin da za ki saya bai wuce safar hannu da auduga a kemis ba. Akwai ruwan goge tabon dayis na musamman da ake sayarwa a manyan shagunan kayan gyaran gashi. Yana aiki, amma shi ya fi komai tsada a jerin, kuma sai mai shagon gyaran gashi ce ke cin moriyarsa sosai. Mai rini sau ɗaya a wata ba ta buƙatarsa.

Safar ledar nan mara kauri da ke zuwa cikin kwali takan yage a yatsa ba ki sani ba. Ki nemi irin wadda ma'aikatan asibiti ke sawa, musamman shuɗiyar nan, ta fi hana sinadarin ratsawa.

Gargaɗi: idan wannan ne karon farko da za ki yi amfani da wannan dayis, ko kin canza kamfani, ki shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar gwiwar hannu, ki jira awa 48. Yawancin baƙin dayis na ɗauke da wani sinadari da ake rubutawa PPD a jikin kwali, kuma akwai jikin da ba ya karɓarsa sam. Idan wurin ya yi ƙaiƙayi, ya kumbura ko ya yi ƙuraje, ki haƙura da shi gaba ɗaya.

2. Yi wa fata katanga

A nan ake gama rabin aikin. Ki cire 'yan kunne, sarƙa da tabarau. Ki kwashe gashin baya, sannan ki lakaci basilin da yatsa ki zagaye bakin gashi tun daga goshi, ki gangara gefen fuska, ki bi ta bayan kunne har ƙeya. Faɗinsa ya kai kamar na yatsa biyu, kuma ya yi kauri yadda za ki ga yana ƙyalli. Shafawa sama-sama kamar ta man jiki ba ta hana komai.

Kunne yana son kulawa ta daban. Ki shafe saman kunnen, da lanƙwasarsa ta ciki, da bayansa inda ya haɗu da kai, da fatar da ake hudawa, har ramin ɗan kunnen. Wasu masu shago suna naɗe kunnen da 'yar leda bayan sun shafa man, dabara ce mai kyau idan gashin na da tsawo kuma za a tattara shi sama.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne barin basilin ya hau gashi. Duk silin da mai ya taɓa dayis ba zai kama shi ba, sai ki wanke kai ki tarar furfurar gaban goshi, wadda dominta kika yi aikin, tana nan fes. Ki tsaya daidai inda gashi ya fara. Wurin ƙananan gashin gefen goshi ki yi amfani da tsinken goge kunne maimakon yatsa, ya fi saiti.

Kar ki wanke kai ki dirje shi a ranar rinin, sai dai idan takardar cikin kwalin ta ce a yi hakan. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa kariya ne. Haka kuma fatar da ta bushe, kamar yadda take yi da hunturu, ta fi shan dayis, don haka a lokacin sanyi ki ƙara yawan man. Idan kin sa man miƙar da gashi, ki ba da tazarar aƙalla mako biyu, musamman idan ya ɗan ƙone ki.

Kafin ki sa safar hannu, ki karce sabulun wanka da farcenki yadda zai cika ƙarƙashinsu, ki shafa basilin a gefen farcen. Ko safar ta yage, dayis ba zai sami wurin maƙalewa ba.

3. Goge ɗigo nan take

Dayis mai zama, wato wanda ake haɗa kirim da farin ruwan kwalba, ko garin da ake damawa da ruwa irin su Bigen, yana da wata yaudara. Lokacin da aka haɗa shi launinsa ba shi da duhu sosai, sai a hankali yake rinewa. Ɗigon da ya sauka a wuyanki kamar ba komai, bayan minti goma ya zama baƙi, kuma a lokacin ya riga ya kama fata. Saboda haka kar ki jira sai kin ga baƙi. Da zarar kin ji sanyin abu a fata, ki goge.

Ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi, ki ɗiga mata shamfu kaɗan, ki ɗauke ɗigon da shafa ɗaya, daga fuska zuwa wajen gashi. Ki jefar da audugar, ki ɗauki sabuwa. Idan kika ci gaba da murza audugar da ta riga ta ɗauki dayis, tabo ɗaya ya zama uku. Inda kika goge basilin ya tafi, sai ki mayar.

Bayan kin gama shafawa, kafin ki zauna jiran lokaci, ki ɗauki madubi biyun ki duba ƙeya, bayan kunnuwa, wuya da gwiwar hannu. Gara ma ki sa wani ya duba miki. Idan garin dayis kike damawa, kar ki cika masa ruwa, tsinkakken haɗi shi ke zuba. A lokacin zafi kuma gumi ne ke jawo dayis ya gangaro goshi, don haka ki zauna inda iska ke kaɗawa, ki ɗora siririn layin auduga a kan basilin ɗin ya riƙa tare gumin.

Gargaɗi: idan ya shiga ido, ki bar komai ki wanke da ruwa mai tsafta yana zuba har tsawon minti 15, ido a buɗe. Idan zafi, ja ko dishi-dishi bai lafa ba, ki tafi asibiti. Ba a sa dayis ɗin gashi a gira ko gashin ido. Kuma ki kawar da kwanon haɗin daga inda yara suke, domin haɗiye shi na iya kisa.

4. Lokacin wankewa: dayis ke cire dayis

Wannan dabarar masu shago sun san ta, mutanen gida ne ba su cika sani ba. Idan lokacin da takarda ta faɗa ya cika, kar ki fara da sheƙa ruwa a kai. Da safar hannunki a hannu, ki yayyafa ruwan ɗumi kaɗan, kamar cokali biyu ko uku, a bakin gashi. Sai ki riƙa murza wurin da tafin yatsu a hankali, kina zagayawa, kina haɗa dayis ɗin da ke kan gashi da wanda ya fara bushewa a fata. Za ki ji ya yi santsi kamar kirim. Ɗanyen yana sassauta busasshen ya ɗaga shi. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa, ki bi goshi, gefen fuska, kunne da ƙeya.

Daga nan ki goge basilin ɗin da busasshiyar auduga ko tsumma, sannan ki wanke. Ki karkatar da kai baya ko ki sunkuya sosai yadda baƙin ruwan ba zai bi fuska da wuya ba. Ki yi ta ɗauraya har ruwan ya fito fari, sannan shamfu.

Kar ki cire safar hannu sai an gama wankin nan kakaf. Yawancin baƙin farce a wannan matakin ake samunsa, lokacin da mutum ya ga ai an gama sai ya tuɓe safa ya cusa yatsu cikin gashi. Ruwan ya zama mai ɗumi kawai, ruwan zafi yana tayar da fatar da sinadari ya riga ya taɓa.

5. Tabon da ya zauna a goshi da gefen fuska

An wanke, an tsane, ga inuwa ta rage. Ki fara da sabulun wanke fuska da ruwan ɗumi da tsumma mai laushi, minti ɗaya. Sau da yawa idan an yi katanga da kyau a nan maganar ke ƙarewa.

Idan bai fita ba, sai mai. Ki shafa man zaitun, man kwakwa ko basilin a kan tabon, ki murza da yatsa a hankali na minti biyu, ki bar shi ya yi minti 15 zuwa 20, sannan ki goge da auduga. Za ki ga audugar ta ɗauko launin toka-toka, alamar yana fita ke nan. Mai yana tausasa matacciyar fatar da launin ya kama ne, ita kuma ta saki. Idan dare ne, ki sake shafawa da kauri ki kwana da shi, ki shimfiɗa tsohon zani a kan matashi. Da asuba ki wanke da sabulu da kyau kafin alwala. A ganina wannan ce hanya mafi inganci ga fuska, aibinta ɗaya, tana son haƙuri.

Idan akwai gaggawa, farin man goge baki, ba mai kama da jeli ba, yana taimakawa saboda ɗan kaushin da ke cikinsa. Ki ɗiga kamar ƙwayar wake a yatsa, ki murza a kan tabon na rabin minti zuwa minti ɗaya, ki wanke, ki bi da mai. Sau ɗaya a rana, kuma nesa da ido. Idan kin ji raɗaɗi ki wanke nan take.

Wadda ke da ruwan goge kwalliya tana iya gwada shi kafin man goge baki, ya fi shi taushi.

Gargaɗi: lemun tsami ana yawan ba da shawararsa, ni kuwa ba na yarda a sa shi a fuska. Ruwan lemun tsami idan ya zauna a fata aka shiga rana yana iya ƙona wurin, ya bar tabo mai duhu da ya fi na dayis daɗewa nesa ba kusa ba. Haka kanwa, toka, omo da soson ƙarfe ko dutsen goge kaushi, duk ba na fuska ba ne.

6. Kunne da ƙeya

Fatar kunne siririya ce, ga lunguna. Ki tsoma tsinken goge kunne a mai, ki matse shi kaɗan kada ya riƙa ɗiga, ki bi lanƙwasar kunnen ɗaya bayan ɗaya, kina canza tsinke. Iyakarki inda ido ke gani. Kar ki cusa tsinke ko ki ɗura mai cikin ramin kunne, balle idan kunnen na ciwo ko yana ruwa. Idan dayis ya shiga ramin ɗan kunne, ki goge gaba da baya da mai, ki wanke da sabulu, ki bari ya bushe kafin ki mayar da 'yan kunne. Sabuwar huda da ba ta warke ba kuwa, a jinkirta rinin har ta warke.

Ƙeya ta fi fuska juriya, mai da tsumma mai ɗumi sun ishe ta. Sai dai ki lura da wuyan riga da ɗankwali a kwana biyun farko, gumi na iya sauko da ragowar launi ya sake ɓata wurin da kika goge.

7. Hannu da farce

Tafin hannu yana ɗaukar abin da fuska ba za ta ɗauka ba. Ki haɗa ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda da ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke, ki murza a hannu minti ɗaya, ki ɗauraye, ki shafa man kaɗe. Sukari da mai ma suna yin wannan aikin, kuma sun fi taushi ga bayan hannu. Tabon da ya ƙi, a ɗiga sifirit a auduga a danna masa na 'yan daƙiƙu, a wanke. Hannun da ke da yanka ko faso kada a sa masa sifirit ko soda.

Farce daban ne. Abin da aka yi gashi da shi, da shi aka yi farce, don haka dayis yana kama shi kamar yadda yake kama gashi, kuma farce ba ya saɓa kamar fata. Idan yanzu abin ya faru, ki jiƙa yatsun a ruwan ɗumi da sabulu minti biyar, ki goge ƙarƙashin farcen da gefensa da tsohon buroshin haƙori da man goge baki. Sannan ki jiƙa auduga da ruwan goge jan farce, ki ɗora a kan farcen rabin minti, ki goge, ki wanke hannu, ki shafa mai. Wannan ruwan na farce ne kawai, kada ya kusanci fuska ko kunne, kuma a nisanta shi da wuta.

Idan launin ya riga ya shiga, gaskiya sai dai a rage shi. Za ki iya bin saman farcen da abin goge farce mai laushi sau biyu ko uku, ba fiye ba, domin kankare shi da reza ko yawan gogewa yana sa ya yi siriri ya riƙa tsagewa. Farcen hannu yana tsiro kamar milimita 3 a wata, ke nan kafin ya sabunta gaba ɗaya sai an yi wata huɗu zuwa shida. Ki riƙa yanke bakin da ya yi baƙi. Mata da yawa sukan ɗora jan lalle a kai kawai, ya rufe.

Tunda an ambaci lalle: idan da jan lalle kika rina gashi, tabonsa a fata ba ya jin waɗannan dabarun sosai, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku yana kodewa da kansa. Katangar basilin da safar hannu su ne maganinsa.

Gargaɗi: ruwan bilic na wanki, kalanzir, fetur da tina ba sa taɓa jiki ko a hannu ne. Bilic ma yana da ƙarin haɗari, domin dayis da yawa na ɗauke da amoniya, kuma haɗuwarsu tana tayar da iska mai guba.

8. Maza masu gajeren aski da gemu

Ga namiji matsalar ta fi fitowa fili, domin gashin gajere ne, fatar kai da ta haɓa ana ganinsu ta tsakiyarsa. A rina kafin a yi aski da gyaran fuska, ba bayansa ba. Fatar da aska ko reza ta bi tana da ƙananan yanka da ido ba ya gani, dayis yana shiga ya yi zafi ya kuma zauna. Idan aka rina tukuna, washegari mai aski ya fitar da layi, yawancin tabon bakin gashi yana tafiya tare da askin. A gemu a shafa da ƙaramin buroshi a kan gashin, kar a danna shi har fata, kuma a yi amfani da dayis ɗin da kwalinsa ya ce na gemu ne.

Ƙanena ya taɓa yin akasin haka. Daren Alhamis ya yi aski, ya dawo gida ya dama garin dayis ya shafa da hannu ba safa ba basilin, ga ɗaurin aure washegari bayan Juma'a. Ya zo mini wajen ƙarfe tara da baƙin layi a goshi, kunnen dama baƙi, farce uku sun rine, har ya fara dirzar gefe ɗaya da soso wurin ya yi ja. Gefen da ya dirje ban sa masa komai ba sai basilin. Sauran goshin da kunnen muka yi musu man zaitun sau biyu, minti 20 kowanne, ya kwana da basilin. Da safe muka bi gefen da ke lafiya da man goge baki sau ɗaya. Kafin azahar kunnen ya fita, goshin ya rage 'yar inuwa da hula ta rufe, kuma zuwa Litinin babu ita. Wurin da ya dirje kuwa ya yi ɓawo, ya bar duhu da ya kai wajen wata biyu. Farcen sai da suka tsiro.

9. Bambanta tabo da rashin karɓar jiki

Tabo launi ne kawai, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi, ba ya tashi. Idan kika ga bakin gashi, kunne ko fatar ido suna ƙaiƙayi, sun kumbura, suna ƙuraje ko suna tsattsafo da ruwa, wannan ba tabo ba ne, jiki ne ya ƙi sinadarin. Yana iya bayyana bayan 'yan awoyi, yana iya kaiwa kwana biyu ko uku, kuma yana iya samun wadda ta shekara tana amfani da dayis ɗin lafiya lau. Wadda baƙin dayis na ƙunshi ya taɓa tayar mata da ƙuraje a hannu ko ƙafa ta fi kowa shiga wannan haɗarin, domin sau da yawa sinadarin ɗaya ne.

A irin wannan hali ki dakatar da duk wani goge-goge, babu man goge baki, babu soda, babu sifirit. Ki wanke kan da shamfu mai taushi da ruwa mai yawa don fitar da ragowar dayis, ki ɗora tsumma mai sanyi, ki je ki ga likita, ki tafi da kwalin a hannu don a ga abin da ke ciki. Idan kuwa fuska, leɓe ko harshe suka kumbura, ko numfashi ya fara wahala, ko jiri ya kama ki, a kai ki asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.